Hannun da ta ture da ƙarfe uku na dare

Jaririyar tana da sati bakwai ranar da mahaifinta ya raka ni bakin ƙofa, ya rage murya ya ce, "Yaya, ƙanwarki fa ta daina sona." Ni ungozoma ce, na daɗe a ɗakin haihuwa da wajen duba masu jego, matar kuma 'yar ƙanwar mahaifiyata ce. Haihuwarsu ta fari ke nan bayan shekara biyu da aure. Su biyun sun yarda in rubuta abin da ya faru, da sharaɗin ban da suna.

Abin da ya kai shi ga wannan magana bai taka kara ya karya ba. Wani dare, wajen ƙarfe uku, ta gama shayarwa ta kwantar da yarinyar, ta kwanta ke nan sai ya ɗora hannu a kafaɗarta. Ta ture hannun ta ce, "Don Allah ka ƙyale ni." Bai ce uffan ba, ya ɗauki matashin kai ya koma falo. Ranar da yake ba ni labari kwanansa goma sha ɗaya ke nan a can. Ba su yi faɗa ba, ba su daina gaisawa ba, amma duk maganar da ke haɗa su ba ta wuce ta ci, ta yi gyatsa, an canja mata, sabulu ya ƙare.

Na koma ciki na zauna da ita. Ta ce, "Yaya, tun asuba akwai mutum manne da jikina. Ko banɗaki na shiga da kukanta nake shiga. Minti nawa ne nawa a rana? Da na ji hannunsa sai na ji kamar wani ne kuma ya zo karɓar nasa rabon." Shi kuwa ya rantse sannu kawai ya so yi mata. Da na matsa masa sai ya sosa ƙeya ya ce, to, ba sannun kaɗai ba. Wannan 'yar gaskiyar da ya faɗa ita ta sauƙaƙa mini aiki, domin da ya nace a kan cewa ta yi masa mummunar fahimta, da mun daɗe muna zagaye.

Ban fara da zancen soyayya ba. Na ba su takarda na ce kowa ya rubuta lokacin da ya yi barci da lokacin da ya farka, kwana uku a jere. Mutane biyu da suka gaji kowannensu yana ganin shi ya fi wahala, kuma ba a raba wannan gardama da baki. Takardar ta nuna ita tana samun kusan awa biyar da rabi idan an tattara na dare da na rana, amma mafi tsawon barcin da ta yi a miƙe cikin kwana ukun awa ɗaya da minti arba'in ne. Shi yana samun awa shida, biyar daga ciki a miƙe, tunda ya koma falo. Da ya kalli jimillar sai ya ce ai tazarar rabin awa ce. Na ce ya daina kallon jimilla, ya kalli mafi tsawo.

Barcin babba zagaye-zagaye yake tafiya, kowane zagaye kimanin minti casa'in, daga mara nauyi zuwa mai nauyi zuwa na mafarki. Barci mai nauyi, wanda jiki ke warwarewa da shi, ya fi yawa a farkon dare, na mafarki kuma ya fi yawa gab da asuba. Wanda ake tayarwa duk bayan awa ɗaya da rabi kullum sabon farawa yake yi, shi ya sa zai tara awa shida a gutsittsire ya tashi kamar an yi masa duka. Jaririya kuma ba laifinta ba ne. A makonnin farko tana shan nono sau takwas zuwa goma sha biyu a awa ashirin da huɗu, kuma jikinta bai rarrabe dare da rana sosai sai ta kai wata biyu zuwa uku. Ga shi kukan jarirai yakan kai ƙololuwa wajen sati shida, galibi da yamma, daidai lokacin da uba ke dawowa daga aiki. Wato ya shigo gida a sa'ar da ta fi kowace muni, ya tarar da mace a ƙarshen haƙurinta, ya ɗauka haka take yini.

Abin da ya sa nake sa barci a gaba shi ne rashinsa yana canja yadda mutum ke karanta fuskar ɗan'uwansa. A 2007 Matthew Walker da abokan aikinsa sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutanen da aka hana barci dare guda, suka ga sashen da ke kula da tsoro da fushi yana zabura fiye da na waɗanda suka yi barci da kusan kashi 60 cikin ɗari idan an nuna musu hotuna masu tayar da hankali. A gidan mai jego ba sai an ɗauki hoto ba. Tambaya irin "kin ba ta maganin?" takan shiga kunne a matsayin "kin kasa", shiru kuma ya zama gaba. Na gaya musu duk hukuncin da suka yanke wa juna a waɗannan makonni, gajiyayyu biyu ne suka yanke shi, a ajiye shi tukuna.

Tsarin da muka yi mai sauƙin faɗa ne. Ta shayar da yarinyar ta ƙoshi wajen takwas da rabi, ta shiga ɗaki da tara ta rufe ƙofa, kada a taɓa ta sai biyun dare. Shi ya riƙe yarinyar a falo da gadonta kusa da shi, idan ta nema wajen sha ɗaya ya ba ta nonon da aka tatsa, kimanin mililita 90 zuwa 120. Daga biyu ita ta karɓa, shi ya kwanta har bakwai saura. A sati bakwai shayarwa ta riga ta kankama, nono yana zuwa yadda ya kamata, yarinyar tana ƙara nauyi, shi ya sa na yarda da tsallake shayarwa ɗaya. Da tana sati biyu, ko nauyinta ba ya hawa, da sai in ce ya kawo ta kan gado ta sha uwar na kwance, shi ya yi sauran: ɗagawa don gyatsa, canjin ƙunzugu, rarrashi. Nonon da aka tatsa yana kai awa huɗu a ɗaki, kwana huɗu a firji.

Satin farko tsarin ya ƙi tafiya. Daren farko ta kwanta ido biyu tana sauraron falo, da yarinyar ta tsanyara ta fito ta karɓe ta daga hannunsa tana cewa ba haka ake riƙe ta ba. Dare na biyu ta yi barcin, amma ƙarfe ɗaya saura nono ya cika ya yi tauri ya tashe ta, rigarta sharkaf. Dare na huɗu ta fito shan ruwa ta tarar da shi ya ɓingire a kan kujerar falo, yarinyar a ƙirjinsa. A nan ta yi daidai da ta tayar da hankali, ni ma ban sassauta masa ba: barci da jariri a kan kujera mai laushi yana cikin abubuwan da suka fi haɗari, domin yana iya zamewa fuskarsa ta nutse tsakanin jikin babba da jikin kujera. Ƙa'idar ita ce da ya ji gyangyaɗi, ya kwantar da ita rigingine a gadonta, ko da za ta yi kuka.

Muka gyara. Aka rage lokacin zuwa awa huɗu, tara zuwa ɗaya, wanda nononta zai iya jurewa, daga baya ya ƙaru da kansa. Tatsa ta koma safiya, lokacin da nono ya fi yawa. Ta riƙa kunna fanka don ta rufe mata ƙananan sautuka, bisa alƙawarin cewa idan jikin yarinyar ya yi zafi, ko ta ƙi sha, ko kukan ya wuce rabin awa ba sassauci, zai tashe ta ba tare da jin kunya ba. Wannan alƙawarin ne ya ba ta damar sakin jiki. Uwa ba ta barci don an ce ta yi barci, sai ta tabbata za a kira ta idan da dalili.

Sai batun karɓe yarinya daga hannunsa, wanda a ganina ya fi barcin wuyar gyara. Ita tana yini da yarinyar, ta san kukan yunwa da na barci, shi kuwa awa uku yake samu. Duk sanda ya fara lalube sai ta gyara masa, duk sanda ta gyara sai ya ja baya, da ya ja baya sai ya ƙara zama baƙo ga 'yarsa, ita kuma ta ƙara tabbata komai a kanta yake. Na tambaye ta, ƙunzugun da ya ɗaura a karkace, ya cutar da yarinyar? Ta ce a'a, sai dai ya yi yoyo. Na ce to wa zai wanke zanen gadon? Ta yi dariya, karo na farko da na ji dariyarta tun da ta haihu. Muka tsaya a kan cewa abin da ya shafi lafiya da haɗari ta faɗa nan take, abin da ya shafi salo ta kawar da kai. Cikin sati biyu ya gano tasa hanyar: ya kifa yarinyar a kan damtsensa yana zagaya falo yana gunguni, abin da ita uwar ta gwada bai yi mata aiki ba. Ranar da ya gaya mini haka, fuskarsa kamar wanda aka ƙara wa girma a wajen aiki.

Shi ma na ba shi nasa. Ya daina tambayar "me zan taya ki?", domin tambayar kanta aiki ce, tana nufin ita ce mai tunawa da komai, shi ɗan aike. Ya ɗauki abubuwa biyu gaba ɗaya, tun daga tunawa har gamawa: wanke kayan tatsa da kwalba, da ranakun rigakafi.

Akwai wani bincike da John Gottman da abokan aikinsa suka fitar a 2000, bayan sun bi sababbin ma'aurata shekaru. A cikin matan da suka haihu, kusan biyu cikin uku jin daɗin aurensu ya ragu bayan haihuwar fari. Ɗaya cikin ukun da nasu bai ragu ba, abin da ya fito fili shi ne mazansu suna nuna musu ƙauna a baki, kuma sun san halin da matan ke ciki. Na kawo masa wannan ne don na lura ya san sau nawa 'yarsa ta yi kashi jiya, amma bai san ƙanwata ta kwana uku tana fama da tsagewar kan nono ba. Na ba su shawarar su ware minti goma kullum su yi hirar da ba ta yarinya ba. Shawarar ta faɗi warwas. Suka zauna suna kallon juna kamar masu jiran likita, a minti na biyu sun koma zancen gyatsa. Abin da ya yi aiki su suka gano shi: da safe tana tatsa, hannayenta a ɗaure, shi yana shirin fita, sai ya jawo kujera ya zauna kusa. Ba wanda ya kira shi lokacin hira, shi ya sa hirar ta zo.

Yanzu ga hannun da aka ture. Matsalar ita ce taɓawa ta rasa ma'anoni duka sai ɗaya. Kafin haihuwa yana iya riƙe hannunta don wasa, don lallashi, don sha'awa, ta san bambancin. Bayan haihuwa, da ya ga kwanciya ta yi nisa, sai ya zama ba ya taɓa ta sai yana fatan a kai can. Ita kuma ta gane haka, sai ta fara guje wa ko runguma don kada ta ɗauki alƙawarin da ba za ta iya cikawa ba. A ƙarshe ya rasa duka biyun, ita ma ta rasa rungumar da take buƙata. Na ce su yi yarjejeniya ta wata ɗaya: duk taɓawar da zai yi mata ba share fage ba ce, ba za ta kai ko'ina ba, kuma ranar da za a wuce haka ita ce za ta faɗa da bakinta. Ya ce wata guda ba kaɗan ba ne. Na tuna masa ya riga ya yi sati bakwai, har da kwana goma sha ɗaya a falo, bai samu komai ba sai ciwon wuya.

Ta ce kwana biyar ɗin farko duk sanda ya dafa bayanta jikinta yakan ƙage, tana jiran abin da zai biyo baya. Da ta ga ba abin da ke biyowa sai ta fara jingina da shi. Ya koma kwana a ɗaki a kashi na biyu na dare, bayan ta karɓi yarinyar. Na kuma koya mata ta canja "ka ƙyale ni" da abin da take nufi a zahiri: "jikina ya gaji da taɓawa, ba ni rabin awa." Maganar farko kora ce, ta biyu kuwa tana gaya masa yaushe zai dawo.

A sati na goma sha ɗaya, kafin watan ya cika, ita ta nema. Kuma bai yi daɗi ba. Ta ji zafi, suka tsaya, ta yi kuka, washegari ta kira ni tana cewa ko an ɗinke ta ba daidai ba. Na sa ta je aka duba, ɗinkin ya warke lafiya. Abin da ke damunta bushewa ce. Mace mai shayarwa sinadarin da ke sa nono ya kawo yana sama, sinadarin mata da ake kira estirojin kuma yana ƙasa, shi ya sa gaba ke bushewa, fatar wajen ta yi laushi, sha'awa ta ja baya. Wannan aikin jiki ne, ba ma'aunin so ba, kuma yakan sassauta idan shayarwa ta ragu ko al'ada ta dawo. Sati shida da ake yawan ambata lokacin dubawa ne, jinin biƙi ya ɗauke, rauni ya rufe. Ba ranar da sha'awa ke dawowa ba ce, kuma mata da yawa suna jin zafi a karon farko. Maganinsa man sulɓi mai tushen ruwa da ake samu a kantin magani, da ɗaukar lokaci, da yanayin kwanciyar da ita ke iko da zurfi da sauri. Mai irin na shafawa yana lalata kwaroron roba, a kiyaye. Idan zafin ya ƙi tafiya bayan an yi duk wannan, ko yana wuri ɗaya a kan tabon ɗinki, ko da jini ko wari, to a koma asibiti, kada a daure.

Da muka daɗe muna magana sai wani abu ya fito wanda ba ta taɓa gaya masa ba: tsoron sabon ciki. An ce mata shayarwa tana hana ɗaukar ciki, tana so ta yarda amma zuciyarta ba ta kwanta ba. Gaskiya ne tana hanawa, har kusan kashi 98 cikin ɗari, amma da sharaɗi uku a haɗe: jariri bai kai wata shida ba, al'ada ba ta dawo ba, kuma nono zalla yake sha dare da rana ba dogon tazara. Ga inda tsarinmu ya taɓa wannan lissafi: mun sa tana tsallake shayarwar dare ɗaya, ana ba da tatsattse, kuma tatsa ba lallai ta yi ƙarfin tsotson jariri wajen danne ƙwai ba. Ƙwai kuma yana iya fita kafin a ga jinin farko. Na ce kada su dogara da shayarwa kaɗai. Suka je asibiti tare, ta zaɓi ashanar fata, wato abin tazarar haihuwa da ake sawa a ƙarƙashin fatar damtse, wadda ba ta hana nono. Ta ce rabin ƙagewar da jikinta ke yi ashe wannan tsoron ne.

Tun a zaman farko na yi mata tambayoyi goma na ma'aunin Edinburgh, wanda ake amfani da shi tun 1987 don gano ciwon damuwa bayan haihuwa, na sake yi bayan wata guda. Dalili shi ne duk abin da na lissafa ba zai wadatar ba idan ciwon ne. Kukan da ke zuwa wa mai jego kwana uku zuwa biyar bayan haihuwa ya wuce cikin sati biyu daban ne. Ciwon damuwa yana kama fiye da mace ɗaya cikin goma, kuma alamar da nake fi sa wa ido ita ce a ba mace damar barci, jariri na hannun wani, ta kasa, dare bayan dare, ga rashin jin daɗin komai da ganin kanta ba ta da amfani. Idan har tunanin cutar da kanta ko jaririn ya shigo, ranar za a ga likita. Ƙanwata da aka gyara tsarin ta riƙa yin barci kamar an jefa dutse a rijiya, makinta kuma ya sauka. Shi ne ma na ɗan sa wa ido, domin kusan uba ɗaya cikin goma yana shiga irin wannan hali, kuma a maza yakan fito da siffar saurin fushi da daɗewa a wajen aiki ba dalili. Nasa ya tsaya a kan jin an ware shi, ya kuma washe da ya samu aikin yi a gidansa.

A wata na huɗu barcin yarinyar ya sake rikicewa, kamar yadda yakan faru a wannan tsakanin, ta koma farkawa duk awa biyu, ta kuma ƙi kwalba sam. Tsarin tara zuwa ɗaya ya rushe. Sun yi cacar baki mai zafi wani dare a kan wa ya tashi na ƙarshe, har ya sake ɗaukar matashin kai. Ta ce ya kai bakin ƙofa sai ta tuna masa da dokar da suka kafa wa kansu, cewa maganar da aka fara bayan sha biyun dare ba a ƙarasa ta sai rana ta fito. Ya tsaya, ya dawo ya kwanta ya juya mata baya. Da safe suka fito da sabuwar takarda, suka koma tsarin da na ce na masu sati biyu ne: ya ɗauko yarinyar ta sha uwar na kwance, ya mayar da ita. Ranar Asabar kuma ya fita da ita tun bakwai, ƙanwata ta yi barci har goma.

Na je gidan yarinyar tana wata biyar da rabi. Har yanzu sau biyu take tashi, wani daren uku. Kwanciyar aure ta dawo amma ba kamar da ba, sun ce wani lokaci sai a yi sati biyu, kuma mafi yawa da rana ne a ƙarshen mako idan ta yi barci, tunda dare ya zama na barci. Ina zaune ya shigo daga aiki, ya wuce ta bayan kujerarta ya dafa kafaɗarta yana tambaya ko kan nonon ya daina zafi. Ba ta ɗago ba, ta dai kai hannu ta riƙe yatsunsa tana ci gaba da ba ni labarin rigakafin da za a yi sati mai zuwa, sai ya katse ta ya ce ba sati mai zuwa ba ne, na sama ne.